Babbar Sallah a Ɗaki da Falo a Manchesta

A gida, Babbar Sallah tsakar gida take ci. Nan ake ɗaure rago, nan ake yanka da fiɗa, nan ake kafa murhu, hayaƙi ya tashi ya wuce katanga ya gauraya da na maƙwabta. Bahaushen da karatu ko aiki ya kai shi Manchesta, a arewacin Ingila, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi ɗaki ne da falo a hawa na uku, da kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki, da wata 'yar na'ura a silin da ke kurma ihu da zarar ta shaƙi hayaƙi. Ranar Sallah ma ba hutu ba ce a Birtaniya. Sai ma'aikaci ya nemi rana daga hutunsa na shekara, a kuma sanar da makarantar yara, ita ce za ta ba su izinin ranar ibada.

Duk da haka ana yin Sallah a irin waɗannan gidaje, ana kuma yin mai daɗi, ba tare da an jira wani ya zo da jakar kayan miya daga Kano ba. Na ga yadda wani magidanci ɗan Zariya da uwargidansa da 'ya'yansu biyu suke shirya tasu a unguwar Longsight, kuma abin da na fahimta shi ne wurin da suka rasa da lokaci suke maye gurbinsa. Aikin da tsakar gida ke ɗauka a yini guda, su sai su shimfiɗa shi a kwana uku ko huɗu, kowane aiki da ranarsa, domin kicin ɗin abu ɗaya yake iya ɗauka a lokaci guda.

Rago shi ne farkon lissafi. Dokar ƙasar ba ta yarda a yi yankan layya a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Don haka tun makonni kafin Sallah maigida ke zuwa wurin mahaucin halal ya rubuta sunansa ya biya, mahaucin ya zama wakilinsa. Akwai tambaya ɗaya da bai kamata a yi mata kunya ba: watan ragon nawa? Tumakin Birtaniya da bazara suke haihuwa, tsakanin Maris da Afrilu mafi yawa, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a watan Yuni ko ƙarshen Mayu. Ta 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi ta. Ke nan 'yan tumakin da suka cika kasuwa a lokacin ba su kai ko wata shida ba, ballantana shekara guda da malamanmu na Malikiyya suke shardantawa. Dole a nemi haihuwar bara, kuma a ji daga bakin mahauci cewa bayan an sauko daga Idi za a yanka.

Naman ba ya zuwa da wuri. Ƙa'idar lafiyar abinci ita ce a sanyaya gangar jikin dabba zuwa digiri 7, kayan ciki kuma zuwa digiri 3, ga kuma layin masu layya a mayanka. Sau da yawa sai washegari, wani lokaci rana ta uku, mahauci zai buga waya. Wanda ya saba da cin hanta kafin azahar ranar Sallah zai ji wannan a ransa. Iyalin nan ba sa faɗa da abin. Ranar Idi suna sa sababbin kaya su tafi filin Platt Fields ko masallacin unguwa, inda ake yin sallar sahu-sahu saboda yawan jama'a, su dawo su ci tuwo da naman da aka saya tun jajibere, sannan su ajiye babban taro sai Asabar mafi kusa. Kai da ƙafa da hanji ba sa zuwa da kansu, sai an faɗa tun ranar biya.

Idan rago ya iso, a yayyanke cikin leda, nauyinsa yakan kai kilo 18 zuwa 20. Firizar gidan haya mai aljihu uku ba ta cin wannan. Saboda haka rabon nama, wanda sunna ce a ko'ina, a nan dole ne ma. Uwargida takan ware cinya ɗaya domin tsire, haƙarƙari domin miya, kilo huɗu ko biyar domin suya, saura kuma a ƙulla a ƙananan leda, a daren maigida ya zaga da shi gidajen ɗalibai marasa aure da iyalan da ba su samu yin layya ba.

Suya ce ke kawo ƙanshin Sallah, ita ce kuma ke kawo rigima da gini. Tumakin can suna da kitse fiye da balami da udar da muka sani, kuma kitsen nan ne ke hayaƙi idan ya sha wuta. Sai a fara da yanke mafi yawansa. Daga nan a zuba naman a tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri da ruwa kaɗan, a rufe, a bar shi ya dahu har ruwan ya tsotse. A daidai lokacin sauran kitsen zai narke, sautin tukunya ya sauya daga ɓararraka zuwa ƙauri-ƙauri, sai a buɗe a rage wuta a riƙa juyawa har naman ya yi ja. Ba a cika tukunya, kilo ɗaya da rabi a kowane zubi ya isa. Ƙofar kicin a rufe, taga a buɗe, fankar zuƙe hayaƙi a kunne. Dalilin rufe ƙofar shi ne, a yawancin gidajen can na'urar da ke kicin zafi take ji, ta hayaƙi kuwa tana baranda ta ciki ko falo. Idan gini ne mai ƙararrawa ta haɗaka, kamar masaukin ɗalibai, ihun na'ura ɗaya yana iya fitar da mutanen bene gaba ɗaya zuwa bakin titi.

Abu biyu ne ba a yi, komai kewar gida. Ba a ɗaure wa na'urar hayaƙi leda ko a cire mata batir. Ba a kuma shigo da gawayi cikin gida, ko a kurfoti ko a kaskon gashi. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma gidajen can a toshe suke saboda sanyi, ba kamar ɗakunanmu da iska ke ratsawa ba. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko, kuma tana kisa. Ko a barandar waje, yarjejeniyar haya kan hana gashi da gawayi.

To ina za a samu tsire? A obin, kuma sirrin yana wurin ƙuli. Kantin unguwa ba ya sayar da ƙuli-ƙuli, amma yana sayar da tunkuza a kwalba, wato niƙaƙƙiyar gyaɗar da Turawa ke shafa wa burodi. A duba bayan kwalbar: wadda gyaɗa ce zalla ake so. Mai sukari ko mai haɗin wani mai ba ta sakin mai yadda ya kamata, kuma ƙonewa take a wuta. A juye giram 500 a kwano, a riƙa ɗiga tafasasshen ruwa cokali-cokali ana tuƙawa da muciya. Da farko za ta yi kamar ta lalace, ta yi ƙulalai, can sai ta haɗe jikinta ta fara zufar mai. A matse da hannu ko a tsumma mai tsabta, a ajiye man domin miya, a murza tunkuzar sirara-sirara a jera a faranti, a gasa a obin a digiri 150 har ta bushe ta riƙa karyewa. Idan ta huce a niƙa. Wannan aikin mako guda kafin Sallah ake yinsa, domin yana cin yamma guda cur.

Ga kofi ɗaya na garin ƙuli, uwargida takan zuba cokali biyu na garin citta, cokali ɗaya na barkono, rabin cokali na masoro, ɗan kanumfari, gishiri da dunƙule biyu. Sai abin da babu shi a yajin gida: cokali ɗaya na garin jan tattasan Sifen da aka busar da hayaƙin itace, wanda kowane babban kanti ke sayarwa a layin kayan ƙanshi. Shi ke aro wa naman ƙanshin wutar da obin ba shi da ita. Cinyar a sa ta a firiza kamar minti arba'in ta ɗan yi tauri, domin ta yanku fale-fale. Tsinken gora a jiƙa shi rabin awa kada ya kama da wuta. A shafa wa nama mai da yaji kaɗan, a jera a kan raga, a sa faranti mai ɗan ruwa a ƙasa ya tare kitsen da ke ɗiga, a kunna wutar sama ta obin, minti huɗu ko biyar kowane gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne lafta yaji tun farko. Gyaɗa tana saurin ƙonewa a ƙarƙashin wutar sama, sai tsire ya fito baƙi da ɗaci alhali cikinsa bai gasu ba. Mafi yawan yajin bayan an sauke ake barbaɗa shi. Gaskiya tsiren obin bai kai na bakin tukuba ba, amma idan aka naɗe shi a takarda da yankakkiyar albasa aka bar shi ya yi gumi na minti biyar, wanda ya buɗe takardar zai yi shiru tukuna kafin ya yi magana.

Sauran kayan abinci ba a kantin Turawa suke ba, suna shagunan Indiyawa da Fakistanawa da ke jere a titin Wilmslow na Rusholme, da Longsight, da Cheetham Hill. Cimar yammacin Indiya da kudancinta ta yi kusa da tamu fiye da yadda ake zato, sunaye ne kawai suka bambanta. Garin da suke kira bajra garin gero ne, da shi da yogot ake dama fura. Juwar dawa ce. Imli tsamiya ce. Man da suke kira gi man shanu ne soyayye. Ganyen gongura, wanda mutanen kudancin Indiya ke miya da shi, ɗan gidan yakuwa da rama ne, tsaminsu ɗaya. Zoɓo kuma yana shagunan Larabawa da Sudanawa da sunan karkade, yana kuma shagunan mutanen Karebiyan na Moss Side.

A irin waɗannan shaguna ne uwargida ta samo tanda. Ba ta ƙasa ba ce, kasko ne mai ramuka bakwai ko goma sha biyu da mutanen Tamil ke toya wata wainarsu mai suna faniyaram a ciki. Ramukan sun fi na tandarmu ƙanƙanta, wainar takan fito 'yan dunƙule-dunƙule, yara sun fi son ta a haka. Kafin a saya, a san irin murhun da ke gidan. Akwai murhun lantarki mai fuskar gilashi da ke aiki da maganaɗisu, wanda ba ya ɗumama kaskon alminiyom ko kaɗan. A tafi shago da ɗan maganaɗisun da ake manna wa firiji: idan ya kama gindin kaskon, zai yi aiki.

Shinkafar waina ma sai an zaɓa. Doguwar basmati ba ta da danƙo, turararriyar da ake sayarwa domin saurin dahuwa kuwa sam ba ta yi. Gajeriyar shinkafa mai ƙiba da Turawan Ingila ke dafa fudin da ita, ita ce shinkafar tuwonmu, da ita ake tuwon ranar Idi, da ita ake waina. Kofi uku a jiƙa ya kwana. A dafa rabin kofi daban ya yi luguf. A markaɗa su tare da albasa ɗaya da ruwa daidai, ƙullun ya yi kaurin koko mai kauri, a zuba yis sacet ɗaya mai giram 7, sukari cokali biyu, yogot cokali uku domin tsami. Daga nan ne ƙasar ke nuna halinta. Ƙullun da zai tashi cikin awa biyu a zafin Zariya yana iya wuni a kicin mai digiri 18 bai motsa ba. Maganin shi ne a sa kwanon a cikin obin a kashe, a ajiye kwanon ruwan zafi a ƙarƙashinsa, a rufe. Cikin awa uku ko huɗu zai kumbura ya yi idanu a sama, ƙanshin tsami ya fito. Bakar hoda ko sodar girki ce ke tsayawa a madadin kanwa, rabin ƙaramin cokali. Idan ta yi yawa wainar za ta yi rawaya ta yi ɗanɗanon sabulu. Idan kuwa waje ya yi ja ciki ɗanye ne, wuta ce ta yi yawa. A rage, a kifa murfi na minti ɗaya kafin a juya.

Miyar taushe ba ta ba da wahala. Doguwar kabewar nan mai wuya da ke kowane kanti ta fi tamu zaƙi, don haka gongura ta fi amfani a nan, ita ke karya zaƙin. Alayyafon firiza ya wadatar, gyaɗa kuma daga kwalbar nan, haƙarƙarin rago ya kwanta a ciki.

Sai falon kansa. Mutum goma sha huɗu ba sa zama a kujera mai cin uku da teburin cin abinci. Daren Juma'a maigida kan kwance ƙafafun tebur ya jingina shi a ɗakin kwana, ya tura kujera jikin bango ta zama ta manya. Ƙasa kuma a shimfiɗa tabarmin roba masu launi da shagunan Somaliyawa ke sayarwa, a ɗora dardumai, a jera filo a bango. Da zarar an zauna a ƙasa an kewaye tire guda, falo ya zama zaure, kuma wannan sauyin ya fi duk wata kwalliyar balan-balan da kyallayen da ake ratayawa, waɗanda ni ban ga abin da suka haɗa da Sallarmu ba. Baƙi kashi biyu ake gayyata. Masu iyali da yara daga azahar zuwa la'asar, samari da ɗalibai daga la'asar zuwa magariba, wadda a watan Yuni a Manchesta sai wajen tara da rabi na dare take yi. Wannan shiga da fita, sallama a bakin ƙofa, "Barkanmu da Sallah, an yi Sallah lafiya?", wani na tashi wani na zama, shi ne ya fi kama da yawon Sallah. Takalma kada a bar su a barandar da ake tarayya da maƙwabta, domin hanyar gudu ce idan gobara ta tashi, kuma masu kula da gini suna magana a kai. Kwali babba a bayan ƙofa ya isa.

Turare yana da lokacinsa. Idan aka sa shi a kan ƙaurin suya, wani wari na uku suke haifarwa wanda ke kama labule ya kwana biyu. Shi ya sa ake gama suya tun Juma'a, a bar tagogi a buɗe, sai safiyar Asabar a kunna kaskon turare na lantarki. Bakur na Sudanawa da unsi na Somaliyawa suna kusa da turaren wutar Barno, itace ne da ƙaro da sukari da turare. Ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, minti biyar, nesa da na'urar silin. Ɗaki ƙarami ne kuma a rufe, abin da zai ɓace a tsakar gida a nan shaƙe mutane yake yi.

Lallen 'yan mata daga shagon Indiyawa ake sayo shi, a kwaɓe cikin ledar zane. Ja ko ruwan ƙasa za a ɗauka. Baƙin da ke kamawa nan take yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi da ke ƙona fata ya bar tabo, bai kamata ya taɓa hannun yarinya ba. Goron Sallah kuwa fam ɗai-ɗai ne na ƙarfe, waɗanda maigida ke tarawa a gwangwani tun wata guda, kuma yaran da aka haifa a can sun koyi durƙusawa su ce "Kawu, barka da Sallah" ba tare da an tuna musu ba. A talabijin ana sa faifan hawan Sallah, kakaki da algaita da tambari suna tashi ƙasa-ƙasa a bayan hira. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya da na Najeriya da Nijar daidai suke, don haka idan aka jingina waya a jikin filas aka kira gida, a can ma lokacin cin abinci ne, kaka tana kallon jikokinta suna cin waina tana tambayar wa ya yi musu kitso.

Saura maƙwabta, waɗanda silin ɗinsu ne ƙasan da yara ke tsalle a kai. Kwana biyu kafin taro uwargida takan ƙwanƙwasa ƙofar na ƙasa da na gefe ta gaya musu za a yi baƙi ranar Asabar, kuma za a watse kafin goma. Dokar ƙasar tana ɗaukar ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin lokacin da ake iya kai ƙarar hayaniyar dare, amma mai hankali ba ya kai wa can. Ranar taron kuma yara ne ke ɗaukar kwano su kai musu, yadda ake aiken tuwon Sallah a gida. A nan akwai abin lura da ba mu saba da shi ba. Mutane da yawa a Birtaniya jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, wasu ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi a kwashe su zuwa asibiti, abincin Sallarmu kuwa gyaɗa ce a yajin tsire, gyaɗa a miyar taushe. Saboda haka kwanon maƙwabta daban ake zuba shi, waina da soyayyen naman da bai ga yaji ba, a soya da man kanti ba man tunkuza ba, da cokalinsa na daban. Idan an ƙara da tsire, a naɗe shi shi kaɗai, a rubuta a jikin takardar cewa akwai gyaɗa, babbar 'yar kuma ta sake faɗa da baki a bakin ƙofa kafin ta miƙa.